Ranar Wanka a Gaban Daraktoci

Duk bayan wata uku, shugaban sashen talla na kamfani yakan tsaya gaban hukumar daraktoci ya yi bayanin kuɗin da aka ba shi da abin da suka haifar. Mafi yawan irin wannan jawabi cike yake da alƙaluma masu daɗin ji, kamar yawan mutanen da suka ga talla da waɗanda suka latsa ta a waya. Amma tambayar da ke zuciyar masu dukiya ɗaya ce: da ba a yi tallar ba, ciniki nawa za a rasa? A nan ne ake gane mai gaskiya.

Mu ƙaddara wani kamfani ne mai sayar da kaya ta intanet. A wata ukun ya kashe naira miliyan 10 kan talla a Facebook, kuma rahoton shafin ya nuna masu saye 5,000 sun biyo ta hanyar tallar. Ke nan an kashe naira 2,000 kan kowane mai saye, ana kuma cin ribar naira 3,000 a kansa. Da shugabar sashen ta tsaya nan, da an tafa mata.

Sai dai ta yi gwaji. Ta zaɓi garuruwa biyu da cinikinsu ya yi kusan daidai, ta dakatar da tallar a ɗaya har mako huɗu, ta bar ta a ɗayan. A garin da aka dakatar, cikin kowane mutum 100 da ake cewa talla ce ke kawo su, 80 sun zo sun saya da kansu. Ashe cikin 5,000 ɗin, mutum 1,000 kacal talla ta kawo. Idan aka raba miliyan 10 gida 1,000, kowane sabon mai saye ya tashi a kan naira 10,000, ribarsa kuwa 3,000 ce. An zuba miliyan 10, an kwashi miliyan 3.

Irin wannan ya taɓa faruwa da gaske. A 2012 kamfanin eBay na Amurka ya daina biyan kuɗin tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan kamfanin a shafukan bincike na Yahoo da MSN. Kusan duk masu ziyarar sun ci gaba da shigowa ta hanyar da ba a biyan ko kwabo, domin dama can suka nufa. Masana tattalin arziki uku, Blake da Nosko da Tadelis, sun wallafa binciken a 2015.

To, ta yaya ake faɗin wannan a gaban daraktoci? Ba a kai shi shafin ƙarshe, lokacin da kowa ke duba agogo. Bayan taƙaita jimillar kuɗin da aka kashe da cinikin da aka samu, sai a kawo shi da alƙalumansa. Tana iya cewa: "Ranka ya daɗe Shugaba, akwai wurin da muka yi asara. Tallarmu ta Facebook ta ci miliyan 10, ta dawo da miliyan 3. Dalili shi ne mun fi nuna ta ga tsofaffin abokan cinikinmu, waɗanda ko babu talla za su saya. Sashena ne ya tsara ta haka."

Daga nan sai ta faɗi iyakar gwajin, domin wannan ma yana cikin gaskiya. Garuruwa biyu ba su ne ƙasa duka ba, kuma mako huɗu ba zai nuna ko mutane za su manta da kamfanin bayan wata shida ba. Lokaci ma yana ruɗarwa. Idan wata ukun ya haɗa da azumi da Sallah, ciniki zai tashi ko da talla ko babu, shi ya sa ake kwatanta garuruwan a makonni guda, ba wannan wata da wanda ya wuce ba.

Ƙarshen maganar shi ne buƙata bayyananniya: a rage kuɗin wannan talla zuwa rabi, a cire tsofaffin masu saye daga waɗanda ake nuna wa, a maimaita gwajin a garuruwa shida, a kawo sakamako a zama na gaba. Daraktoci ba su zo yin jaje ba, sun zo yanke shawara ne.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ta yi shiru, kamfanin zai ci gaba da asarar miliyan 7 duk wata uku, miliyan 28 ke nan a shekara. Kuma ranar da akanta ya gano da kansa, ba wannan alƙalami kaɗai za a yi wa shakka ba, har da na rediyo da na allunan bakin hanya da ta faɗa da gaskiya.