Wasiƙar Neman Aikin Banki

Matashin da ya karanci tattalin arziki, ya gama bautar ƙasa, yakan kama alƙalami ya rasa abin rubutawa, wai ba shi da ƙwarewar aiki. Ai bankin ya san haka, shi ya sa ya kira gurbin na masu koyon aiki. Abin da mai tantancewa ke nema shi ne shaidar cewa za a iya damƙa maka kuɗin jama'a.

To, ka kawo shaidar. Maimakon ka ce kai haziƙi ne mai gaskiya, rubuta cewa ka riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai na shekara guda, kana daidaita shiga da fita kowane wata. In binciken kammala digirinka ya shafi yadda Babban Bankin Najeriya ke ɗaga kuɗin ruwa don rage hauhawar farashi, faɗi abin da ka gano a jimla ɗaya.

Layin farko ya ambaci gurbin da sunan bankin. Abin da ke ba ni takaici shi ne wasiƙa mai kyau da aka manta sunan wani bankin a cikinta. Shafi ɗaya ya wadatar.