Ɗaurewar Kai a Jarrabawar Tarihi da Bitar da Ke Magance Ta

Gajeren labarin ɗalibar da kanta ya ɗaure a jarrabawar tarihi labari ne na misali, amma kowane malamin sakandare ya ga irinsa da idonsa. Gaɓoɓinsa uku ne: abin da ya faru a ɗakin jarrabawa, gano dalilinsa, da kuma hanyar bitar da ta canza sakamako.

A gaɓa ta farko, wata ɗaliba 'yar aji uku na babbar sakandare tana rubuta jarrabawar gwaji. Tambayar ita ce ta kawo dalilan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, ta yi bayaninsu. Darasi ne da ta karanta sau da yawa, har ta ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare. Tana ganin tambayar ta gane ta, ta ma tuna gefen shafin da amsar take, amma abin da ke rubuce a wurin ya ƙi zuwa. Gabanta ya shiga faɗuwa, tafin hannunta ya jiƙe da gumi, ta yi ta duban agogo. Da aka karɓi takarda layi huɗu kawai ta rubuta. Tana fita tsakar makaranta sai ga sunayen Nafata da Yunfa da Gudu sun faɗo mata.

Wannan dawowar amsa bayan an fita ita ce shaidar cewa ilimin yana nan, hanyar kaiwa gare shi ce ta toshe. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka toshe ta. Na farko tsoro. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abin da mutum yake aiki da shi nan take ƙarami ne, abubuwa kaɗan yake iya ɗauka a lokaci guda. Idan tunanin faɗuwa da na abin da za a ce a gida suka cika shi, ba ya samun sararin nemo shekara ko tsara hujja. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne irin bitar da ta yi. Maimaita karanta shafi yana sa mutum ya saba da shi, sai ya ɗauka ya san shi. Gane abu idan an gan shi daban yake da zaro shi daga ka ba tare da littafi ba, jarrabawa kuwa na biyun take nema. Tarihi ya fi fallasa wannan rauni, domin a tambayar bayani farar takarda ake ba ɗalibi, babu zaɓin amsoshi da zai tuna masa.

Gaɓa ta biyu tana faruwa ne a ofishin malamin tarihi. Ya ce da ita ta rufe littafinta, ta rubuta duk abin da ta sani game da dalilan jihadin cikin minti goma. Babu mai sa ido, babu maki, amma abu biyu kawai ta iya kawowa. Nan ta fahimci cewa tsoro ya tarar da gini marar ƙarfi ne ya ƙarasa shi.

Abin da malamin ya yi yana da tushe a bincike. A 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, sannan ta riƙa raguwa a hankali. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karatu, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Makarantar allo ta daɗe a kan wannan hanya: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda da ka, kuma yana komawa tilawar baya don kada ta zube.

Gaɓa ta uku ita ce hanyar da ɗalibar ta bi. Matakin farko, bayan karanta darasi sai ta rufe littafi ta rubuta abin da ta tuna a farar takarda, sannan ta buɗe ta cike abin da ta tsallake da biro mai wani launi. Launin ne ke nuna mata inda rauninta yake, don haka washegari daga nan take farawa.

Mataki na biyu, ta daina haddace shekaru a warwatse, ta ɗaura kowace da dalilinta. Shehu yana wa'azi a Degel, jama'arsa na ƙaruwa. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokin taƙaita wa'azi da hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa rikici ya tsananta, har Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Idan aka jera su haka kowane abu yana janyo na bayansa, wanda ya tuna ɗaya ya kama bakin zaren sauran.

Mataki na uku shi ne tazara. Ta yanka kwali ƙanana, tambaya a fuska ɗaya, amsa a baya, ta raba su gida uku, tsarin da ɗan jaridar Jamus Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972. Gida na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ta amsa daidai ya matsa gaba, wanda ta kuskure ya koma farko. Sau ɗaya a mako kuma takan ɗauki tambayar jarrabawar WAEC ta shekarun baya ta amsa da agogo a gabanta, don ta saba da matsin lokaci.

Hanyar tana da wuraren tuntuɓe. Leƙa bayan kati kafin a yi ƙoƙarin tunawa yana mayar da aikin karatu kawai. Kati kuma shekaru da sunaye yake koyarwa, ba ya koyar da tsara hujja, shi ya sa ba ya maye gurbin rubuta cikakkiyar amsa. Sannan bitar tana da wuya a kwanakin farko, har ɗalibi ya ji kamar ya fi da rashin sani, alhali wannan wahalar ce ke kafa abin a ƙwaƙwalwa.

A jarrabawar ƙarshe gaban ɗalibar ya sake faɗuwa, domin bita ba ta kawar da tsoro gaba ɗaya. Ta ja numfashi a hankali, ta jera abubuwan da suka faru a gefen takarda kamar yadda ta saba, ta fara da tambayar da ta fi sani. Hanyar ba ta buƙatar komai sai takarda da biro da kwali, amma tana buƙatar makonni, don haka daga farkon zangon karatu ya kamata ɗalibi ya fara ta.