Yadda "Ranka Ya Daɗe" Ke Shiga Turanci

A ce wani dagaci ya rubuta wa Sarkin Zazzau wasiƙa, aka kawo maka ka mai da ta Turanci. Ya buɗe da "Allah ya ja zamanin Sarki", ya jero gaisuwa da fatan alheri, sai can ƙasa ya ce "bayan haka", ya roƙi a gyara rijiyar garinsu.

In ka bi kalma da kalma, Bature zai ga addu'a ta yi yawa, buƙata ta ɓuya. Shi a wasiƙar hukuma yana ajiye girmamawa ne a wurare biyu, laƙabin da ke sama da sallamar da ke ƙasa. Don haka sai ka ɗora wa sarki laƙabin da Turanci ke ba mai martaba, ka tattara gaisuwar a jimla guda, roƙon ya biyo nan take cikin lafazi mai taushi.

Sarautu kuwa kada ka taɓa su. Waziri, Galadima da Madaki su tafi yadda suke, domin mai da Waziri "firaminista" ɓata ne. Alhaji ma haka.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne "ku". Bahaushe kan ce wa babba "kun ce", alhali Turancin yau kalma ɗaya gare shi ga sarki da yaro. Sai ka maimaita laƙabin a gurbinta.