Hoto ya maƙale, sandar kallo ta ɗau zafi: a fara duba inda take shan wuta

Gidaje da yawa yanzu sun mayar da tsohon talabijin ɗinsu mai kama intanet ta hanyar wata 'yar na'ura da ba ta fi filashi girma da yawa ba, irin su Fire TV Stick na kamfanin Amazon, Chromecast na Google, Roku, ko Mi TV Stick. Ana soka ta a kafar HDMI a bayan talabijin, ta kama Wi-Fi, a kalli ƙwallo ko fim. Ƙorafin masu ita kusan iri ɗaya ne: ana cikin kallo hoto ya tsaya cak, ko ta mutu ta sake tashi da kanta, in an taɓa ta kuma a ji zafi rau. Akasari netwok ake ɗora wa laifi, wasu kuma su ce jabu aka sayar musu. Sau da yawa kuwa matsalar tana inda aka jona wayar wutarta ne.

Kafar HDMI hoto da sauti take ɗauka, 'yar wutar da ke cikinta ba ta isa ta tayar da sandar ba. Shi ya sa take da wayar wuta daban, kuma tun da kafar USB tana nan kusa a bayan talabijin, sai mutum ya soka wayar a nan ya bar kan cajar a kwali. Ba abin zargi ba ne, soket ya yi ƙaranci a ɗakuna da yawa. Sai dai wannan kafa tun asali an yi ta ne don karanta hotuna da finafinai daga filashi. A ƙa'idar USB 2.0, abin da take bayarwa bolt 5 ne da rabin amfiya, wato wat 2.5. Ta USB 3.0, wadda cikinta yakan zama shuɗi, tana kai amfiya 0.9. Ita kuwa Fire TV Stick ta gama-gari da Mi TV Stick, amfiya 1 ake nema musu, wato wat 5, Chromecast mai Google TV kuma cajarta ta amfiya 1.5 ce, wat 7.5.

A ɗauki misalin talabijin mai inci 32 da aka rubuta 5V 0.5A a gefen kafar USB ɗinsa, aka jona masa sandar da ke son amfiya 1. An kunna, ta tashi lafiya, an zagaya shafin farko da rimot ba matsala, domin a lokacin aikinta kaɗan ne kuma rabin amfiyar ya ishe ta. Wannan shi ne abin da ke yaudarar mutane. Da an buɗe wasan ƙwallo, sai Wi-Fi ya shiga jawo data ba ƙaƙƙautawa, ƙwaƙwalwar sandar kuma tana warware hoto mai kauri cikin sauri. Buƙatarta ta haura abin da kafar ke iya bayarwa, ƙarfin wutar ya faɗo ƙasa da bolt 5. Wani talabijin ma yakan datse kafar gaba ɗaya na ɗan lokaci don kare kansa. Kamar a jona dutsen guga ne a ƙaramin janareta: ƙwan lantarki yana ci lafiya, da an ɗora guga sai komai ya dushe. Sakamakon shi ne hoto ya maƙale, Wi-Fi ya yanke, ko tambarin kamfani ya sake fitowa kamar yanzu aka kunna.

Waya ma tana da nata hannu. Doguwar waya siririya mai araha tana cin wuta a hanya. Idan turjiyarta ta kai rabin om, amfiya 1 ta bi ta cikinta, rabin bolt ya tafi ke nan, sandar ta samu 4.5 maimakon 5. Don haka ko kafa mai ƙarfi ce, mummunar waya tana iya kawo wannan ciwon.

Game da zafin, ya kamata a faɗi gaskiya. Ƙarancin wuta shi kaɗai ba shi ne babban abin da ke dafa sandar ba, ko da yake mutuwa da tashi a kai a kai suna hana ta hutawa. Babban dalili shi ne wurin zamanta. Ba ta da fanka, jikin robarta kaɗai ke fitar da zafi, ga ta matse tsakanin bango da bayan talabijin da shi ma zafi yake fitarwa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba ya bar mata iskar da za ta huce. In ta yi zafi sosai, da kanta take rage saurin aikinta don kada ta ƙone, hoto ya riƙa tsinkewa. Ciwo biyu ne masu kama da juna, suna kuma yawan haɗuwa saboda gajeruwar wayar da ta kai kafar USB ita ce ke ɗaure sandar a wannan lungu mai zafi.

Lokacin da matsalar ke zuwa shi ke bambanta su. Ta wuta takan zo nan take, da an buɗe bidiyo ko ana sabunta manhaja, ko da sandar da sauran sanyinta. Ta zafi takan jira an daɗe ana kallo, ta fi yawa da rana, kuma tana lafawa in an kashe an bar ta ta huce. Wasu na'urorin Roku masu fitila suna faɗa da kansu: jar fitila mai ƙyaftawa ƙarancin wuta ne, wadda ta tsaya ja ba ƙyaftawa kuma zafi ne. Fire TV ita ma takan fito da gargaɗi a allo cewa wutar USB ɗin ba ta isa ba. Kada a danna a wuce shi.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A zare wayar daga talabijin, a ɗauko kan cajar da ya zo a kwali da wayarsa ta asali, a jona a soket, a sake buɗe abin da ya maƙale ɗazu. In ya tafi sumul, an gano. Wanda nasa ya ɓace zai iya amfani da kan cajar waya mai kyau da aka rubuta 5V 2A a jikinsa. Yawan amfiyar ba ya cutarwa, domin sandar iya buƙatarta take ja. Abin kiyayewa shi ne bolt ɗin ya zama 5, kuma a guji kan caja mara nauyi na bakin titi, wanda rubutun jikinsa ba lalle ya zama gaskiya ba. Sannan a duba kwalin, Fire TV Stick tana zuwa da 'yar gajeruwar wayar ƙarin HDMI da mutane da yawa ke jefarwa. Ita ce ke janye sandar daga jikin talabijin ta sha iska, tana kuma taimaka wa Wi-Fi.

Akwai wani dalilin da ya sa nake ganin soket ya fi ko da kafar talabijin tana ba da amfiya 1. Talabijin da yawa suna yanke wutar USB da zarar an kashe su. Idan hakan ya faɗo daidai lokacin da sandar ke sabunta manhajarta, tana iya lalacewa ta tsaya a kan tambari ta ƙi wucewa, gyaran kuma ba kullum yake yiwuwa ba.

In an koma soket, an ba ta iska, amma har yanzu tana maƙalewa, to sai a waiwayi ƙarfin netwok ko cikar ma'ajiyarta. Kafin ka kai ta wurin mai gyara ko ka koma ka yi faɗa da mai shago, leƙa bayan talabijin ɗinka ka karanta abin da aka rubuta a gefen kafar USB, ka kwatanta da na jikin kan cajar. In na talabijin bai kai ba, nemi soket.