Yadda ake tarbar baƙo makaho: Faɗi sunanka, ka tambaya kafin ka kama hannu

A mafi yawan gidaje da ofisoshin ƙasar nan, idan baƙo ya yi sallama, ido ne yake fara yi masa maraba. Yana ganin wanda ya miƙe, da hannun da aka miƙo masa, da kujerar da aka nuna masa, tun kafin a ce uffan. Baƙon da ba ya gani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk abin da zai sani game da wurin da ya shigo, daga bakin mai masaukinsa zai fito. Saboda haka tarbarsa ta rataya ne a kan abu biyu: mutum ya bayyana kansa da murya, sannan ya tambayi irin taimakon da ake so kafin ya yi shi.

Lamarin ya shafi gidaje da dama. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama ba sa gani, kuma yanar ido ce kan gaba wajen haddasa hakan. Ke nan da yawa daga cikin irin waɗannan baƙi dattawa ne da ganinsu ya tafi da girma. Wani ya ƙware da farar sanda, wani bai taɓa riƙe ta ba, wani kuma yana iya bambance haske da duhu ko inuwar mutum. Tun da buƙatunsu ba ɗaya ba ne, ba a yi musu kuɗin goro.

Sallama da suna

A ɗauka wani dattijo makaho ya zo ofis bin takardun fanshonsa, tare da jikansa da ke yi masa jagora. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa, a ce sunansa Musa, zai matso ya tsaya a gabansa, ya amsa sallama da muryarsa ta yau da kullum, ya ce: "Baba, sannu da zuwa. Sunana Musa, ni ne mai karɓar baƙi a nan. Ga hannuna, mu gaisa."

Kowace gaɓa ta wannan magana tana da aikinta. Kiran "Baba" ko sunan baƙon yana sanar da shi cewa da shi ake, domin a ɗakin da mutane da yawa suke magana ba zai san wace murya ce ta nufo shi ba. Faɗin suna da matsayi yana gaya masa wanda yake gabansa da abin da zai iya nema a wurinsa. Faɗin "ga hannuna" yana hana hannun Musa tsayawa a iska, yana kuma hana dattijon razana idan ya ji an taɓa shi ba zato.

Wannan ƙa'ida ba ta faɗuwa ko da an san juna. Wasan nan da ake yi na "Baba, ka gane mai magana?" jarrabawa ce a gaban jama'a, wadda idan ya faɗi zai ji kunya, idan ya ci kuma ba abin da ya ƙaru da shi. Murya takan sauya saboda mura, ko hayaniya, ko daɗewar rabuwa. Ɗan'uwa ma ya kamata ya ce: "Kawu, ni ne Sani ɗan wajen Hajiya," sannan a ci gaba da gaisuwa.

Idan akwai wasu a wurin, mai masauki ya ambace su bi da bi, ya faɗi inda kowa yake: wane yana damanka, wance tana can gefen taga. Ya fi kyau kowa ya gaishe shi da bakinsa, don ya haɗa suna da murya. Wanda ya shigo daga baya shi ma ya sanar da kansa. Zama shiru a gefen makaho ana sauraron maganarsa bai san da mutum ba, da laɓe duk ɗaya ne.

Kuskure biyu sun fi yawa a nan. Na farko shi ne ɗaga murya, alhali idonsa ne ba ya gani, kunnensa lafiya lau. Na biyu shi ne juya wa ɗan jagora ana tambayarsa: "Me ya kawo shi? Zai sha ruwa?" Mai fansho shi ne dattijon, shi ya san lambar fayil ɗinsa da shekarar da ya bar aiki, don haka shi za a tambaya.

Tambaya kafin taimako

Bayan gaisuwa, sai tayin taimako, kuma da sigar tambaya ake yin sa: "Baba, ofishin yana hawa na ɗaya. In raka ka, ko in kwatanta maka hanya?" Idan ya ce zai iya da kansa, a karɓi amsar ba tare da nacewa ba. Mutumin da ya saba zuwa wuri yakan san yawan takun da ke tsakanin ƙofa da matakala fiye da masu gani da suke aiki a wurin.

Abin da ba a yi shi ne a cafki hannunsa, ko a ja shi da riga, ko a tura shi ta baya. Wanda aka tura yana gaba, shi zai fara cin karo da duk abin da ke hanya. Haka nan ba a ɗaga sandarsa ko a karɓe ta ba da izininsa ba, domin da ita yake karanta ƙasa. Wasu dattawa sun saba da ɗan jagora ya riƙe bakin sanda su bi shi a baya. Idan baƙon ya zaɓi haka, a bi zaɓinsa. Wannan hanya takan yi amfani kuma idan mace ce za ta raka namiji, ko namiji zai raka mace, kuma ba a son haɗa jiki.

Idan ya amince a riƙe juna, hanyar da masu horar da makafi suke koyarwa ita ce shi ya riƙe mai jagora. Musa zai tambaye shi ɓangaren da ya fi so, ya taɓa bayan hannunsa da bayan nasa hannun, sai dattijon ya kama damtsen Musa, sama kaɗan da gwiwar hannu. Musa zai kasance rabin taku a gaba, hannunsa a sake a gefen jikinsa. Ta haka duk motsin da ya yi, ko juyawa, ko tsayawa, ko hawa, dattijon zai ji shi a hannu kafin ƙafarsa ta kai wurin. Idan riƙon ya yi tsauri, ko Musa ya ji ana jan sa baya, alama ce ta cewa ya yi sauri.

Daga ƙofa zuwa kujera

A kan hanya, kalmomi irin su "nan," "can" da "ga shi" ba sa isar da komai, domin nuni da yatsa suke bukata. Haka "yi hankali!" ba ta gaya wa mutum ko ya tsaya, ko ya sunkuya, ko ya tsallaka. A maimakon haka a ce: "Tsaya, akwai kwata a gabanmu, taku ɗaya za a tsallaka," ko "dokin ƙofa yana gaba, a ɗaga ƙafa." Dama da hagu kuwa nasa ake nufi, ba na mai magana ba. A kula kuma da abin da ke sama, kamar buɗaɗɗiyar taga ko igiyar shanya, domin sanda ba ta gano su.

A bakin matakala Musa zai tsaya cak, ya ce hawa za a yi ko sauka, ya faɗi ɓangaren da ƙarfen dafawa yake, ya bari dattijon ya laluba matakin farko da ƙafa ko sanda. Zai kasance mataki ɗaya a gaba, ya kuma sanar idan an kai na ƙarshe. A wuri mai ƙunci, sai ya mayar da hannunsa bayansa ya faɗa, dattijon ya koma bayansa su wuce a jere. A ƙofa, ya faɗi ko ciki take buɗewa ko waje.

Da aka isa, ba a dafa kafaɗar mutum a danna shi a kujera. Musa zai ɗora hannun dattijon a kan makarin kujerar, ya ce tana da hannuwa ko ba ta da su, da tebur a gabanta ko babu, shi kuma ya zauna da kansa. Idan a zaure ne, a faɗa masa tabarma ce ko darduma, da inda bango yake don jingina, da inda aka ajiye takalmansa. Sandarsa ta zauna inda hannunsa zai kai. Duk wanda ya gusar da ita, ko jakarsa, ko butarsa, to ya faɗa.

Ruwan baƙo ma da bayani ake kawo shi: "Ga kofin shayi a hannun damanka, da zafi, bai cika ba." Idan takarda ce za a sa wa hannu, a karanta masa ita duka, a kai bakin alƙalami kan layin da zai sa hannu. Idan kuɗi ne, a ƙirga masa a tafin hannu ana faɗin kowace takarda.

Kada a tafi shiru

Abin da aka fi mantawa shi ne sallamar fita. Mai gani yana ganin an tashi. Makaho kuwa zai ci gaba da magana da kujerar da babu kowa, har sai dariyar wani ko shirun ɗakin ya sanar da shi. Musa zai ce: "Baba, zan je in ɗauko fayil, minti biyar zan dawo, Malama tana nan tare da kai." Idan ya dawo, ya ce ya dawo. Ba a kuma barin mutum tsaye a tsakiyar fili. A kai shi inda zai dafa bango, ko tebur, ko kujera.

Game da kalmomi, babu laifi a ce "sai mun sake ganin juna," domin makafi ma haka suke faɗa. Abin gudu shi ne kiran mutum da lalurarsa a maimakon sunansa, da yawan "Allah sarki," da miƙa sadaka ga wanda aiki ya kawo shi. Cikin makafin ƙasar nan akwai malamai, da lauyoyi, da 'yan jarida, kuma makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana koyarwa tun 1953.

Ga ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, batun ya wuce ladabi kawai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta nuna musu bambanci, ta kuma tanadi a ba su fifiko a kan layi. Sai dai doka ba za ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe da baƙo ba. Wannan aikin mai masauki ne, kuma idan ya rasa abin da ya dace, mafita tana kusa: ya tambayi baƙon, domin shi ya fi kowa sanin yadda ake taimaka masa.