Sunan da ke Saman Saƙo: Wa Ya Tabbatar da Shi?

A watan Disamban 2021, wasu masu ajiya a bankin OCBC na Singafo sun samu saƙon tes ɗauke da sunan bankin, ana ce musu asusunsu na da matsala, su taɓa wani adireshin intanet don gyarawa. Saƙon ya faɗo ne a jeri ɗaya da saƙonnin da bankin ya saba aiko musu, don haka ba su yi wani ɗar ba. Kimanin mutum 790 ne damfarar ta rutsa da su, asarar kuma ta kai dalar Singafo miliyan 13.7.

Babu wanda ya fasa rumbun bankin kafin ya tura wannan saƙo. Ɓarakar tana cikin tsarin tes ɗin kansa. Kowane saƙo yana da gurbin da ake rubuta mai aikowa. Idan daga wayar mutum ya fito, lambarsa ce ke shiga wurin. Amma kamfanoni ba da waya suke turawa ba, ta hannun dillalan saƙo suke bi, waɗanda ke haɗa kwamfutocinsu da kamfanonin sadarwa, kuma an ba su damar cike gurbin da suna mai haruffa har 11. Tun asali ba a tanadi hanyar tantance sunan ba. Abin da mai turawa ya rubuta shi ke isa. Ita kuma waya da suna take tara saƙonni, ba ta san asalinsu ba. Duk wanda ya rubuta sunan banki daidai, wayarka da kanta za ta ajiye shi kusa da alat ɗin albashinka.

Ga dalilin tacewa ke nan. Kamfanin sadarwa ba ya iya gane mai gaskiya daga suna kawai, sai ya koma ga tambayar da zai iya amsawa: wannan suna yana cikin rajista, kuma ta ƙofar da aka amince masa ya shigo?

Singafo ta buɗe rajistarta a Maris 2022, ta mayar da ita dole daga 31 ga Janairu 2023. Kamfani zai gabatar da lambar rajistarsa ta kasuwanci, ya zaɓi sunan da yake so, ya biya kuɗi, sannan ya faɗi dillalan da ya yarje wa su tura da sunan. Wannan mataki na ƙarshe, a ganina, shi ne ƙashin bayan tsarin, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Idan banki ya ce ta dillali kaza kaɗai yake turawa, saƙon da ya ɓullo ta wata ƙofa da sunansa za a tare shi, komai daidaituwar haruffa. Sunan da ba a yi wa rajista ba kuwa, sai a goge shi a maye gurbinsa da "Likely-SCAM", gargaɗin cewa mai yiwuwa damfara ce.

A Najeriya ma mai makaranta ko ƙaramin asibiti da ke son tura saƙo da sunansa yakan bi irin wannan hanya. Dillali zai nemi takardar rajistar kamfani da samfurin saƙon da za a riƙa turawa, ya miƙa wa kamfanonin sadarwa, kowanne ya amince daban. Shi ya sa wani lokaci iyayen yara masu wani layi ke samun sanarwar komawa makaranta, masu wani layin kuma shiru. Mai turawa zai ga an cire masa kuɗi, ya ɗauka saƙo ya isa. Hanyar ganewa ita ce ya gwada turawa zuwa layi ɗaya daga kowane kamfani, ya duba rahoton isarwa. Akwai kuma wani shingen daban: wanda ya tura STOP zuwa 2442 ya rufe saƙonnin talla, don haka sanarwar da aka bi da ita ta hanyar talla ba za ta same shi ba, ko da sunan na da rajista.

Rajista ba ta toshe kowace kafa. Ɗan damfara na iya amfani da lambar waya ta yau da kullum, ko ya nemi suna mai kama da na gaske, ya sa sifili a wurin harafin O. Mafi muni ita ce na'urar da ke kwaikwayon turken sabis, a ɗauke ta a mota, ta jawo wayoyin da ke kusa ta cusa musu saƙo kai tsaye. Irin wannan saƙo bai ratsa ta kamfanin sadarwa ba, matatarsu ba ta ma san ya wuce ba, kuma zai iya zama a jeri ɗaya da saƙonnin bankinka na gaske.