Lalurarka da Takardar Neman Aiki: Yaushe Za Ka Faɗa, Me Za Ka Faɗa?

Takardar neman aiki gajeriyar aba ce, shafi ɗaya tak, kuma wanda zai karanta ta yana da tarin irinta a gabansa. Ba ya zama ya yi nazari. Idonsa kan bi ta kai ne yana neman dalilin ajiye ta a dama ko a hagu. Shi ya sa mai nakasa ko mai wata lalura ta rashin lafiya yakan daɗe riƙe da biro. Idan ya faɗa, yana tsoron a ture takardarsa tun ba a kai ga karatunsa ba. Idan ya yi shiru, yana tsoron ranar da za a gano a ce ya yi ɓoye-ɓoye.

A ganina tambayar "in faɗa ko in yi shiru" ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: akwai abin da nake so wannan ma'aikata ta yi saboda lalurar nan, kuma yaushe nake so ta yi shi? Amsar wannan ita ke nuna ko maganar ta cancanci shiga takarda, ko ta jira wani mataki na gaba.

Mu fara da abin da doka ta tanada a Najeriya, domin mutane da yawa suna rubutu kamar masu neman alfarma alhali haƙƙinsu ne. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda ake kira dokar 2018. Ta ce mai nakasa yana da 'yancin neman aiki daidai da kowa, ta kuma yanka diyya: mutumin da ya take wannan haƙƙi zai biya wanda ya zalunta aƙalla naira 250,000, kamfani kuwa aƙalla naira 500,000. Ta kuma buƙaci hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu nakasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa don bin kadin wannan doka. Sai dai a lura da abu biyu. Kason nan na 5 cikin 100 hukumomin gwamnati ya shafa, bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba. Na biyu, idan an ajiye takardarka a gefe babu wanda zai rubuto maka cewa saboda ƙafarka ne. Shiru kawai za ka ji, shiru kuwa ba a kai shi kotu. Doka tana nan, amma a matakin tace takardu ƙarfinta kaɗan ne.

To bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata budurwa ce da shan inna ya taɓa tun tana ƙarama, tana tafiya da sanduna biyu, ta karanta lissafin kuɗi, ta gama bautar ƙasa. Ta ga guraben akanta guda biyu, ɗaya a wata hukumar tarayya, ɗaya a wani kamfanin sarrafa shinkafa.

A na hukumar, shawarar mai sauƙi ce. Fom ɗin ɗaukar aikin gwamnati sau da yawa yana da gurbin da ke tambayar ko mai nema yana da nakasa, da irinta. Ta cike gaskiya. A takardarta ma ta sa jimla ɗaya, don wanda ke lissafin kason nan ya san tana cikinsa. Ta kuma tanadi takardar shaidar nakasa tun da wuri, kada sai an nema ta fara zarya. Wanda ya bar wannan gurbi fanko don kunya ya yar da abin da doka ta ba shi.

A na kamfanin kuwa babu kaso, babu gurbin tambaya. Aikin akanta zama ne da kwamfuta da takardu, sandunanta ba su da ruwa da shi. Don haka takardar farko ba ta buƙatar maganar ko kaɗan. Amma fa ba a nan zancen ya ƙare ba, domin lalurarta a fili take. Idan aka kira ta intabiyu ta je ta tarar ofishin yana hawa na biyu, matakala kuma babu abin dafawa, za ta isa gaban masu tambaya tana haki, su kuma a ruɗe, rabin hankalinsu yana kan sandunan maimakon amsoshinta. Wa'adin shekara biyar da doka ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga su gyara hanyoyin shigarsu ya cika tun Janairun 2024, amma duk mai yawo a ofisoshinmu ya san inda aka kwana. Lokacin maganarta shi ne ranar da saƙon gayyata ya iso. A nan an riga an zaɓe ta saboda takardunta, kuma janye gayyata bayan an aika ya fi wuya, ya kuma fi barin shaida, fiye da ture takarda a ɓoye. Sai ta amsa da godiya, ta ƙara da cewa: "Ina tafiya da sanduna, don haka zan so a yi ganawar a ɗakin da ke ƙasa, ko a sanar da ni idan akwai na'urar hawa bene." Shi ke nan. Ba ta ambaci shan inna ba, ba ta ba da tarihin yadda ya same ta ba.

Wannan jimla ita ce salon da ya kamata a koya, ko da Turanci za a rubuta takardar kamar yadda aka saba. Tana faɗin abin da ake buƙata, ba sunan ciwo ba, kuma abin da ta nema ƙarami ne wanda ake iya yi a ranar. Makaho zai ce yana aiki da manhajar da ke karanta masa rubutun kwamfuta da murya, don haka idan akwai jarrabawa a ba shi ita a kwamfutar da ke da manhajar, ko a ba shi mai karanta masa, tare da ƙarin lokaci. Kurma zai ce a tuntuɓe shi ta rubutaccen saƙo maimakon kira, kuma zai zo da tafinta ko yana so a samar masa. Shi kurma ma dai gara ya faɗa tun a takardar farko, domin ma'aikatu da yawa da waya suke gayyata. A kira sau biyu ba a ɗauka ba, sai a wuce ga na gaba.

Idan maganar za ta shiga takarda, wurinta ƙasa-ƙasa ne, bayan an gama bayanin karatu da gogewa, kafin gaisuwar rufewa. Jimla ɗaya ko biyu sun isa. Abin da ke kashe takardu da yawa shi ne buɗe su da lalura: "Ni gurgu ne, maraya, ina roƙon a taimaka mini saboda Allah." Mai rubuta haka yana zaton zai sosa zuciya, kuma ta yiwu ya sosa. Amma ya mai da takardar neman aiki ta zama ta neman taimako, shi kuwa mai ɗaukar ma'aikaci tunaninsa wa zai riƙe masa littafin kuɗi. Haka nan cika baki, irin "nakasa ba kasawa ba ce" a kowane sakin layi, ba ya ƙara komai. Shekarar da ta yi tana haɗa albashin ma'aikata a inda ta yi bautar ƙasa ta fi wannan take ƙarfi.

Akwai wuri guda da ambaton tun farko yake zama riba: inda lalurar kanta gogewa ce. Ƙungiyar da ke neman jami'in da zai yi aiki da masu nakasa, ko makarantar kurame da ke neman malami, suna so su san kai ɗan gida ne. A nan sai a faɗa tun a sakin layi na farko.

Lalurar da ba a gani ita ce ta fi ɗaure kai: sikila, ciwon suga, asma, farfaɗiya, ciwon damuwa. Ɗauki saurayi mai sikila da ke neman koyarwa a makaranta mai zaman kanta. Babu abin da yake buƙata a ranar intabiyu, don haka babu abin rubutawa. Abin da yake buƙata yana zuwa ne bayan an ɗauke shi: izinin zuwa asibiti ranar ganin likita, ruwan sha a kusa, a ɗauke masa tsayuwa cikin rana ko sanyin asuba a filin wasa, da fahimta idan ciwon ya tashi ya kwanta kwanaki. Wannan magana ce ta bayan an miƙa masa takardar ɗauka, da shugaban makaranta ko jami'in ma'aikata, kuma a rubuce, don ya zama akwai shaida. Kada kuma ya bari sai ciwon ya kayar da shi a aji sannan a ji labari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar tsaro na musamman, saboda haka yana da hujjar cewa maganar ta tsaya tsakaninsa da wanda ya gaya wa. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa dokar 2014 ta ba shi kariya ta daban: ba a tilasta masa bayyana matsayinsa, ba a kuma sa gwajin ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, sai a 'yan wurare ƙalilan da dokar ta keɓe. Wannan ba ya shiga takardar neman aiki sam.

Jinya takan bar giɓi a tarihin karatu da aiki, kuma mai karatu zai lura da shi. Ba sai an zayyana ba. "Na dakata da aiki na wani lokaci saboda jinya, yanzu na samu sauƙi, a shirye nake" ya wadatar, idan gaskiya ne.

Shiru fa yana da iyaka. Rashin faɗin abin da ba a tambaye ka ba daban, ƙarya daban. Yawancin ayyukan gwamnati suna neman shaidar lafiya daga asibitin gwamnati kafin a kama aiki, ga fom da za ka sa wa hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya rubuta "babu" a inda akwai ya miƙa wa ma'aikata hujjar sallamarsa duk ranar da ta ga dama, kuma a takardar korar ƙaryar za a rubuta, ba ciwon ba. Haka kuma duk aikin da lalurar za ta iya jefa rai cikin haɗari, kamar mai farfaɗiya da tuƙin mota, ko aikin inji, ko hawa sama, wajibi ne a faɗa kafin a karɓi makulli, a kuma ji ta bakin likita.

Kafin ka aika takardarka, ajiye kwafinta, da tallan gurbin, da duk saƙon da ya shiga tsakaninku. Idan aka gayyace ka, ka nemi ɗakin ƙasa, sannan aka janye gayyatar, waɗannan takardu su ne za ka kai wa Hukumar Kula da Masu Nakasa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.